Yarinyar da maki 86 ya ɓace mata a cikin Excel

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kun ga ban fita ba, ruwa ake ta tafkawa a Kuala Lumpur tun azahar, shi ya sa na ce bari in zauna a ɗaki in ba ku labarin abin da ya hana ni barci ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ku yi haƙuri da ƙarar fanka.

Wajen ƙarfe biyu na dare wayata ta yi ƙara, na duba na ga yayata ce daga Kano. Kun san tsakaninmu da gida awa 7 ne, wato su a can ƙarfe bakwai ne, ba a jima da idar da magariba ba, kuma ita Yaya har yau ba ta yarda da wannan lissafin ba, in dai ita ido biyu take to kowa ma ido biyu yake. Na ɗauka gabana na faɗuwa na ce Yaya lafiya? Ta ce lafiya ba lau ba, tashi ka kunna kwamfutarka.

Ita malama ce a wata makarantar kuɗi can wajen Gwammaja, ita ke riƙe da aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 52, darussa 9. Da can da hannu take haɗa sakamako, ita da kalkuleta da jan biro, sai ta kwana uku tana abu ɗaya. Ni ne da na je gida hutu na zaunar da ita na tsara mata shi a Excel, don haka duk abin da ya lalace a ciki wuyana yake hawa. Tsarin ba wani abu mai wuya ba ne: sunayen yara daga layi na 2 zuwa na 53, makin darussa a layukan tsaye daga C zuwa K, sai jimla a L, matsakaici a M, matsayi a N. Ga fomulolin ukun a jere, in muka ɗauki layi na 19 misali:

```
=SUM(C19:K19)
=AVERAGE(C19:K19)
=RANK(L19,$L$2:$L$53,0)
```

An yi hutu ranar Alhamis, an raba kati, an ba yaron da ya zo na ɗaya kyautar jaka da littattafai a gaban iyaye har da hoto. Ranar Asabar da la'asar sai ga sallama a ƙofar gidan Yaya. Wani dattijo ne, tela, ya sauko daga adaidaita da katin 'yarsa a ninke cikin aljihun gaba, ya gaisa a mutunce ya ce Malama ba rigima na zo yi ba, ni dai lissafi ne bai fito min ba. 'Yarsa an rubuta mata ta 11, matsakaicinta 82. Yaron da ya zo na ɗaya kuwa maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, ya ga katinsa da idonsa, matsakaicinsa 81.2. Ya ce Malama ta yaya mai 82 za ta koma bayan mai 81? Sannan ya juya bayan katin ya nuna mata inda ya jera makin da fensir, irin fensirin da yake zana yadi da shi, ya tara ya samu 742. A kati kuma an buga 656.

Yaya ta ce min wallahi ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ba shi haƙuri ta ce Baba a ba ni zuwa gobe. Da ya tafi ta buɗe laftof ta ƙura wa layin yarinyar ido, komai daidai, maki tara ga su nan reras, ba gurbin da yake fanko, fomula ɗin ma iri ɗaya ce da ta sauran yara. Shi ne ta kira ni tana cewa abin nan naka ya samu aljanu.

Na ce turo min fayil ɗin. Abu na farko da na yi ko fomula ban kalla ba, na cire 656 daga 742, saura 86. Na bi layinta na ga 86 guda ɗaya ce tak, makin lissafi, a gidan D19, wato ɗan akwatin da layin tsaye na D ya haɗu da layi na 19. To kun ga ba a yi kuskuren tarawa ba, maki ɗaya ne sukutum aka tsallake kamar babu shi.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wajen da mutane da yawa ba su sani ba. Shi Excel abin da ke cikin gida ko dai lamba ne ko rubutu, kuma 86 tana iya zama rubutu a wajensa alhali kai da idonka lamba kake gani. SUM idan tana bin layi ta ci karo da rubutu ba ta ihu, ba ta nuna kuskure, wucewa kawai take yi ta tara sauran. Ita ma AVERAGE haka take tsallakewa, sai dai ita wayonta ya fi yawa, don tana rage adadin da za ta raba da shi, wato ta ɗauki 656 ta raba gida 8 maimakon 9, shi ne ya ba da 82 cif. Ainihin matsakaicin yarinyar 82.4 ne, kun ga ratar ba ta kai a lura ba. RANK kuma baiwar Allah ba ruwanta, jimlar da aka miƙa mata ta kalla, ta ga 656, ta ajiye yarinya a ta 11. Da a ce da matsakaici aka jera matsayin ma da yarinyar ta zo ta ɗaya a bisa kuskure, ba wanda zai taɓa sani.

Na ce Yaya je ki wani gida da ba komai ki rubuta waɗannan guda biyu.

```
=COUNT(C2:K53)
=COUNTA(C2:K53)
```

Ta farko lambobi kaɗai take ƙirgawa, ta biyu kuma duk gidan da ba fanko ba. Yara 52 sau darussa 9 ya kamata a ga 468 a duka biyun. Ta ce ta biyun ta ba ni 468, ta farkon 467. Na ce to alhamdulillahi ɓarawon guda ɗaya ne, ba shi da 'yan uwa. Muka gwada `=ISNUMBER(D19)` ya ce FALSE. Na ce sa `=LEN(D19)`, ta ce 3. Ta yi shiru, can ta ce kai 86 ai harafi biyu ne, na ukun daga ina? Na ce shi ne aljanin naki.

Akwai wani abu a bayan 6 ɗin wanda ido ba ya gani. Da muka tambayi lambarsa da `=CODE(RIGHT(D19,1))` sai ya ba da 160. Tazarar da kake samu in ka danna dogon maɓallin nan na ƙasan kibod lambarta 32 ce. Wannan mai 160 wata iri ce daban da aka yi don hana kalmomi biyu rabuwa a ƙarshen layi, an fi kwaso ta idan an yi kwafi daga shafin intanet ko saƙo. A ido duk ɗaya suke. Amma tana manne wa lamba Excel ya daina ɗaukarta a matsayin lamba.

Sai a lokacin Yaya ta tuna. Yarinyar ba ta da lafiya ranar jarrabawar lissafi, zazzaɓi ya kwantar da ita, daga baya aka ba ta ta rubuta ita kaɗai. Makin sauran yara 51 Yaya da hannunta ta shigar daga takarda, na wannan kuwa malamin lissafi a saƙo ya turo daga baya, tana sauri za ta kai wajen masu firintin kafin a ɗauke wuta, ta kwafa ta manna ta rufe.

Nan kuma dole in faɗi laifina, don ba zan ɗora wa Yaya duka ba. Excel da kansa yana ba da alama kyauta: lamba tana jingina dama a cikin gida, rubutu yana jingina hagu. Da an bar shi yadda yake, da 86 ɗin nan ta fito zaƙƙa a hagu cikin 'yan uwanta da ke dama, ko daga nesa sai ka gan ta. Ni ne da iyayina na zaɓi duka teburin na mayar da komai tsakiya wai don ya yi kyau a takarda. Na goge alamar da hannuna. Shi kuma ɗan koren alamar nan da ke fitowa a kusurwar gida idan an ajiye lamba a matsayin rubutu, ba abin dogaro ba ne, Yaya ta ce ita ba ta ga komai ba, ni ma da na buɗe ban gan shi ba.

Wani zai ce a sa TRIM mana. Mun gwada, ba ta yi ba, don TRIM tazara mai lamba 32 take sharewa, ba ta taɓa mai 160. In gidaje da yawa ne suka kamu, wannan ce ke aiki:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(D19,CHAR(160),""))
```

Amma mu tunda gida ɗaya ne na ce Yaya bar wahala, danna D19 ki sake buga 86 da hannunki. Tana danna Enter jimla ta koma 742, matsayi ya tashi daga 11 ya dawo 1. Na ji ta ce innalillahi, ba hamdala ta yi ba, don yaron da aka ba jaka jimlarsa 731 ce, yanzu ya zama na biyu, kuma duk yara goman da ke samanta kowa ya sauka mataki ɗaya. Kati 11 kenan za a sake bugawa saboda abu ɗaya da ba a gani.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da tun farko da alamar tarawa na haɗa mata, wato C19+D19 har zuwa K19, da gidan jimlar ya fito da `#VALUE!` ɓaro-ɓaro tun ranar, ta kira ni ta yi min faɗa mu gyara kafin a buga. SUM ɗin da na zaɓa don ta fi tsafta ita ce ta rufa wa kuskuren asiri. Ban ce ku daina amfani da ita ba, ni ma ban daina ba, abin da na yi kafin in kwanta shi ne na ƙara mata layin tsaye guda a O mai `=COUNT(C2:K2)` na ja shi har ƙasa, duk yaron da nasa bai nuna 9 ba ta tsaya ta duba kafin ta kai firintin. Na kuma mayar da makin yadda suke na cire tsakiyar nan.

Ranar Litinin ta je ta samu shugabar makarantar ta faɗi gaskiya, an ɗan yi mata faɗa, kuɗin sake buga katin ma daga aljihunta ya fita. Jakar yaron dai ba a karɓe ba, wa zai je ya ƙwace jaka a hannun yaro bayan an ɗauki hoto? An ce za a saya wa yarinyar tata in an dawo hutu a ba ta a gaban asambuli. Yaya da kanta ta kai sabon katin shagon telan, ta ce min ya karɓa ya gyara zaman tabarau, ya zaro fensirin nan daga bayan kunne ya sake tarawa a gabanta tukuna ya ce madalla Malama.

To bari in tashi in ɗora shinkafa, ruwan ma ya tsagaita. Sai mun haɗu.