Auna Ƙarfin Sabis Ɗaki Bayan Ɗaki da Lambobin Desibel

Assalamu alaikum. Jama'a, sandunan sabis da kuke gani a saman waya ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, domin kowane kamfanin ƙera waya yana da nasa tsarin zana su, har ma a ajiye waya biyu wuri guda, ɗaya ta nuna sanda huɗu, ɗayar ta nuna biyu. Abin dogaro shi ne lambar da ake rubutawa da dBm, wato ma'aunin ƙarfin sabis da desibel. A wayar Android, ku shiga Settings, sannan About phone, ku nemi SIM status, za ku ga Signal strength. Masu iPhone kuwa sai su danna *3001#12345#* kamar za su yi kira, su danna maɓallin kira, su nemi RSRP, wato lambar ƙarfin sabis a 4G.

Lambar tana zuwa ne da alamar ɗebewa a gabanta, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ku ɗauke ta tamkar bashi: wanda ake bin sa 85 ya fi wanda ake bin sa 110 kwanciyar hankali. A 4G, -80 sabis ne mai ƙarfi sosai, -100 na lallaɓawa ne, idan kuwa aka doshi -120, to ana gab da yankewa. Sannan ku riƙe cewa duk ragin desibel 3 yana nufin ƙarfin ya koma rabi, ragin 10 kuma yana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya rage.

Na gwada wannan a gidana. A tsakar gida na sami -88, a falo -95, amma da na shiga uwar ɗaka, inda bango biyu na bulo da rufin kwano suka tare hanya, sai lambar ta koma -108. Bambancin 20 ke nan, wato ƙarfin da ke isa uwar ɗaka kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda ke tsakar gida, alhali tazarar ba ta fi taku goma sha biyar ba. Da na matsa jikin taga a cikin ɗakin, sai ta dawo -99, kuma a nan muke ajiye waya idan ana jiran kira.

Idan za ku auna, ku yi amfani da waya ɗaya da layi ɗaya, ku tsaya kamar minti guda a kowane ɗaki domin lambar takan yi rawa kafin ta zauna, ku rubuta a takarda. Ku kula kada wayar ta sauka daga 4G zuwa 2G ba ku sani ba, saboda abin da ake aunawa a kowannensu daban ne, lambobin ba sa kwatantuwa. Wani lokaci kuma za ku ga -85 amma data tana jan ƙafa, musamman bayan sallar isha'i. Wannan yawanci cunkoso ne a kan eriyar kamfanin, kuma sauya ɗaki ba zai magance shi ba.