Tsofaffin kamara, rediyo, garmaho da keken rubutu: me “yana aiki” ke ƙara wa kuɗinsu?

Wannan lacca wani dattijo ne mai gyaran kamara da rediyo ya gabatar da ita a Yamai, gaban matasa masu sayen kayan da da ƴan kasuwa. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an cire gaishe-gaishen farko.

To jama'a, kullum wanda ya kawo mini kayan gado, maganarsa ta farko ita ce: “Baba, wannan tsoho ne ƙwarai, tun zamanin Turawa.” Ni kuma sai in ce masa tsufa ba kuɗi ba ne. Kamarar Kodak Brownie ta fito a 1900, dala ɗaya ta Amurka aka riƙa sayar da ita, an kuma yi ta da yawan gaske. Yau in ka kai irinta kasuwa, abin da za a taya ba zai sa ka murmushi ba. Mai tara kaya yana neman abin da aka ƙera da kyau tun asali, wanda bai cika kasuwa ba, wanda kuma ba a taɓa masa jiki ba. Batun ko yana aiki yana biyo baya ne, kuma nauyinsa ya bambanta daga kaya zuwa kaya.

Mu fara da kamara, don a nan ne aiki ya fi taɓa kuɗi. Masu sayen tsohuwar kamara yau, yawancinsu so suke su ɗauki hoto da ita, ba su ajiye ta a kan kanta ba. Saboda haka tambayar farko: ana yin fim ɗinta har yanzu? Fim mai milimita 35 ana yinsa, fim mai lamba 120 ma ana yinsa. Shi ya sa Rolleiflex ta Jamus, mai ido biyu, wadda ta fara fitowa a 1929, take da kasuwa har yau. Tana cin fim 120, tana ba da hoto 12 masu faɗin santimita 6 tsawo 6. Irinta ce masu sitidiyo na yankinmu suka yi aiki da ita, Malick Sidibé na Bamako ma ya riƙe ta. Leica M3 ta 1954 ita ma sarauniya ce. Ƙasa da su akwai Rolleicord da Yashica Mat, sai Pentax K1000 da Canon AE-1, dukansu biyu na 1976, waɗanda ɗalibai ke so. Zenit ta Rasha kuwa, wadda ta cika akwatunan iyayenmu, miliyoyi aka yi, kuɗinta kaɗan ne ko da tana lafiya lau.

In an miƙo maka Rolleiflex a kasuwar Katako, kada ka tsaya kallon fatar jikinta. Buɗe bayanta, sa ta a kan alamar B don ƙyauren hasken ya tsaya a buɗe, ka haska fitilar wayarka ta cikin idon ƙasa, wanda shi ne ke ɗaukar hoton. Ƴar ƙura ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo: fumfuna ce, in ta daɗe tana cin fuskar gilashin, goga ba ta fitar da tabon. A nan mu ƴan Sahel muna da sa'a. Kamarar da ta yi rayuwarta a Tawa ko Agadas ba ta cika yin fumfuna ba saboda bushewar iska, amma wadda ta zo daga Kwatano ko Lome, a duba ta sau biyu. Namu ciwon shi ne zafi da ƙurar hunturu, masu busar da man da ke cikin injin. Sa ta a kan daƙiƙa ɗaya, danna, kasa kunne. Mai lafiya za ta yi ƙara siririya a jere ta rufe. Wadda manta ya daskare za ta ja, ta tsaya, wani lokaci ta ƙi rufewa. Wannan yana gyaruwa, wanki ne da sabon mai. Amma in goshinta ya lotsa saboda faɗuwa, idon sama da na ƙasa sun daina jituwa, za ka ga hoto garau a madubi, ya fito dishi-dishi a takarda.

Ga yadda nake lissafi, kuɗin misali ne na sa don ku ga hanyar. Mu ƙaddara mai saye a waje zai biya jika 400 na sefa a kan Rolleiflex mai lafiya. Taka gilashinta tas, amma ƙyauren yana ja. Mu ce gyara wajen ƙwararre zai ci jika 130, kai da kawowa jika 50. Saura 220. To mai saye ba zai ba ka 220 ba, don bai san abin da za a tarar ba in an buɗe cikin. Zai rage wa kansa kasada, ya tsaya wajen 150. Kun ga ciwon da gyaransa jika 130 ne ya cinye fiye da rabin kuɗin. Yanzu ɗauki wannan ciwon ka ɗora wa Zenit da ba ta wuce jika 20 ba. Ladan gyara ya fi ta tsada, saboda haka in ta mutu ta mutu, sai dai a ciri sassanta.

Rediyo kuma, a nan nake roƙonku da girman Allah. Tsohon rediyo mai kwalabe, irin manyan akwatunan katako na Philips da Grundig, kada ku soka shi a lantarki don ku ga ko yana magana. A cikinsa akwai kwandansa, wato ƴan sassa masu tara wuta, na takarda da kakin zuma da suka shekara sittin. Sun lalace ko da ba a taɓa kunna shi ba. In wuta ta shiga farat ɗaya, suna iya ƙona taransifoma, ita kuwa samun madadinta wahala ne. Wani kuma na Amurka ne mai bolt 110, mu kuwa 220 muke da shi. Ni da kaina ina saurayi na ƙona wani haka, a gaban mai shi, har yau ina jin warin. Mai tara rediyo na gaske ya fi son ka ce masa “ban kunna ba” da ka ce “na kunna ya yi hayaƙi”. Sauya kwandansa aiki ne mai araha a hannun wanda ya iya. Abin da ba ya sayuwa shi ne gilashin gaba mai sunayen birane, da maɓallan asali, da akwatin da bai tsage ba. Rediyo bebe mai cikakken jiki ya fi mai magana da aka sa wa maɓallin wani.

Ƙananan masu batir kuwa hukuncinsu ya fi kusa da na kamara, musamman masu gajeren zango irin Grundig Satellit, Zenith Trans-Oceanic da Sony ICF-2001 na 1980, don masu sayensu saurare suke son yi. Buɗe gidan batir tukuna. In ka ga farin gari ko kore, batir ya zube, kuma ruwan yakan bi waya ya shiga ciki. Ja eriya har ƙarshe ka ga ko ta karye. Na san da yawanmu da irin waɗannan muka tashi, iyayenmu na jin BBC Hausa, wadda ta fara a 1957, amma ƙaunar da kake wa rediyon mahaifinka ba ta shiga lissafin mai saye.

Garmaho shi ne inda aka fi cutar mutane. Kun san mai babban ƙaho na tagulla mai walƙiya, da hoton kare a gaba? Mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa jabu ne, a Indiya ake haɗa su: sabon akwati, sabon ƙaho, sai tsohon injin da aka ciro daga ƙaramin garmaho. Yana juyawa, yana waƙa, amma kayan ado ne kawai. Duba gwiwar ƙahon: ta asali a lanƙwashe take sumul, ta jabu guntaye ne aka yanka aka liƙa da dalma, kusurwa a fili. Na gaske da aka fi samu a ƙasashenmu shi ne mai kama da akwatin tafiya, irin HMV 102 da ya fito a 1931. Juya hannunsa ka ba shi wani a hankali. In hannun yana ta juyawa ba ya yin nauyi, sifirin ya tsinke ko ya kuɓuce. In yana waƙa sai ka ji gum daga ciki, tsohon mai ne ya daskare, wanki zai raba shi da wannan. Kada ka buɗe gidan sifirin da kanka, yana iya tsalle ya yanke maka hannu. Kan da ke riƙe allura kuma ya zama na asali, don shi kaɗai yana ɗauke da kaso mai kyau na kuɗin. Allurar ƙarfe fuska ɗaya ta faifai take yi a jefar. Faifan kuma mai juyi 78 ne. In ka ɗora na roba mai juyi 33 ko 45, allurar za ta huɗe shi kamar garma.

Keken rubutu ba zan daɗe a kansa ba. Manyan na ofis da suka cika ma'aikatunmu nauyi ya kashe musu kasuwa, kuɗin aika su ya fi su. Ƙananan na hannu ake so: Olivetti Lettera 22 na 1950 da Lettera 32 na 1963, Hermes 3000 na Suwis, Olympia SM9, da jan Valentine na 1969, wanda don kyansa ake saye, ba don daɗin bugu ba. Haruffa masu maƙalewa datti ne, a wanke, kada a zuba mai. Ƙyallen tawada ana samun sabo. Babban ciwo shi ne harafin da ya ɓalle, da gungumen robar da zafinmu ya mai da dutse. Namu kuma yawanci jerin haruffansu AZERTY ne na Faransa, saboda haka kasuwarsu tana wajen masu Faransanci, mai Ingilishi zai nemi ragi.

A nan wata mata ta ɗaga hannu ta ce: “Baba, muna da keken mahaifinmu, fentinsa ya goge. Ƙanena ya ce mu kai a fesa masa sabo kafin mu sayar.”

Ya ce: A'a ƴata, ki hana shi. Fentin asali ko ya goge ya fi sabo kuɗi, fesawar kuma za ta rufe tambarin kamfani. Ki share shi da busasshen ƙyalle kawai. Ki nemo akwatinsa in yana nan, da ƴar takardar bayani, da burushinsa. In akwai rasit ko hoton mahaifinku yana bugu a kansa, ki haɗa, don wanda aka san tarihinsa ya fi wanda ba a sani ba. Sannan ki sa farar takarda ki buga dukan haruffa, manya da ƙanana da lambobi, ki ɗauki hoton takardar tare da lambar injin. Ki duba kuma ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, don an yi kekunan da aka sa wa haruffan Hausa. In naku yana da su, kada ki karɓi tayin farko, ki kawo mini in gani tukuna.