Rabon ribar haɗin gwiwa: ina Naira 1,800,000 ta shige?

Toh jama'a barkanmu da warhaka. Yau lissafin kasuwancin haɗin gwiwa zamu yi, irin wanda ake kawowa a jarabawar akawuntin ta WAEC da NECO, kuma shi ne dai wanda ke haɗa 'yan'uwa rigima a kasuwa in shekara ta ƙare aka zo rabon riba. Ku ɗauko biro da takarda dan lambobin zamu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauka wa da ƙani ne suka buɗe shagon atamfa a Kantin Kwari. Yaya ya zuba Naira 3,000,000, ƙani ya zuba 2,000,000. Suka zauna suka rubuta yarjejeniya: riba za'a rabata 3:2, wato in an kasa kashi biyar yaya ya ɗau uku ƙani ya ɗau biyu. Kowa za'a bashi kashi 5 cikin ɗari na jarinsa duk shekara. Ƙani tunda shi ke zaman shago tun safe har la'asar yana da albashin 20,000 a wata, 240,000 kenan a shekara. Sannan duk wanda ya ciri kuɗi daga kasuwar dan buƙatar gidansa za'a caje shi kashi 10 cikin ɗari a shekara akan abinda ya cira.

Shekara ta zagayo, daga Janairu zuwa Disamba, an cire kuɗin haya da na lebura da na nepa da komai, riba tsantsa ta tsaya 1,800,000. Anan ne mutane da yawa suke saurin ɗaukar kalkuleta su raba 3:2 kai tsaye, yaya 1,080,000 ƙani 720,000 shikenan a tashi. Ba haka bane, akwai sharuɗɗan nan da suka sa hannu akai, sai an bi ta kansu tukunna, abinda ya rage shi ake rabawa. Shafin da ake wannan aikin shi ne asusun rabon riba, a littafin makaranta zaku ji ana ce masa afurofiriyeshan akawun.

Mu fara da kuɗin da aka cira, dirowins. Yaya ya ciri 400,000 ranar 1 ga Afrilu, ƙani ya ciri 200,000 ranar 1 ga Yuli. Ku lura da ranakun nan da kyau dan su ne lissafin. Kashi 10 ɗin na shekara guda ne cif, amma kuɗin yaya wata tara kawai sukayi a wajen shago, daga Afrilu zuwa ƙarshen Disamba, na ƙani kuma wata shida. Ga shi a allo:

```
400,000 × 10/100 × 9/12 = 30,000
200,000 × 10/100 × 6/12 = 10,000
```

Kenan yaya ana binsa 30,000, ƙani 10,000, jimla 40,000. In ka manta da watannin ka caji yaya 40,000 ƙani 20,000 to ka caje su duka fiye da ƙima, kuma duk abinda zai biyo baya ya lalace. Wani lokacin ba lokaci guda ake cira ba, mutum kullum farkon wata yana ɗaukar adadi iri ɗaya har wata goma sha biyu, to ba sai kayi lissafi sha biyu ba, ka haɗa jimlar ka lissafa akan wata shida da rabi, in ƙarshen wata yake ɗauka wata biyar da rabi, in tsakiyar wata wata shida.

Yanzu 40,000 ɗin nan ina zata? Ƙarawa ake akan riba. Dalili kuwa kasuwar ce ke bin masu ita, kuɗi ne ya shigo tukunyar rabo, dan haka 1,800,000 ta zama 1,840,000. Daga nan sai a fara cirewa. Kashi 5 na jari: yaya 150,000, ƙani 100,000. Albashin ƙani 240,000. In ka haɗa 490,000. Ka cire daga 1,840,000 saura 1,350,000, wannan ita ce ake rabawa 3:2. Ka kasa biyar kowane kashi 270,000, yaya uku 810,000, ƙani biyu 540,000.

Bari in ɗan tsaya akan kuɗin ruwan dirowins ɗin nan dan ni a ganina nan ne ba'a cika fahimta ba. Mutum yana jin an caje shi 30,000 sai ransa ya ɓaci yaga kamar an ƙwace masa, alhali kuɗin basu bar shagon ba, tukunya suka koma kuma yana da kaso a ciki. Cikin 40,000 da aka tara, yaya ya dawo da kashi uku cikin biyar wato 24,000, ƙani ya samu 16,000. Kaga yaya ya biya 30,000 ya karɓi 24,000, asararsa 6,000. Ƙani ya biya 10,000 ya karɓi 16,000, ya ƙaru da 6,000. Duk hayaniyar Naira 6,000 ce ta tashi daga aljihun wanda ya riga cira kuma ya fi cira, ta koma na wanda ya bar kuɗinsa suna juyawa cikin kaya. Aikin sharaɗin kenan, ya sa mutum ya yi tunani kafin ya kwashi kuɗin sari ana tsakiyar shekara, musamman gab da sallah lokacin da shago yafi buƙatar kaya.

Na san da yawa daga cikinmu da sun ji kuɗin ruwa zasu ce a'a, kuma damuwa ce ta gaskiya. Sharaɗin ba dole bane, in baku rubuta shi ba babu shi. Akwai masu sa iyaka kawai, ace kowa kar ya wuce kaza a wata, kuma iyakar ta bi kason riba, in yaya 30,000 ƙani 20,000, kunga ba wanda ya ci gaban wani. A fiƙihun musharaka ma akwai abin lura, asara akan gwargwadon jari ake rabata, riba kuma Malikiyya da Shafi'iyya sun ce ta bi jari, Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a raba yadda aka daidaita. Dan haka kafin ku sa hannu akan kason da ya saɓa da jarinku, ko kashi 5 ɗin nan na jari, ku kaiwa malami ya duba. Ɗalibi kuma a jarabawa abinda tambaya ta bashi shi zai lissafa.

Toh mu koma littafi. Kowane ɗaya yana da asusu biyu. Na farko asusun jari, kafital akawun, wanda a tsarin tsayayyen jari ba'a taɓa shi, yaya 3,000,000 ƙani 2,000,000 haka zasu zauna shekara da shekaru sai dai in wani ya ƙaro jari ko an yarda ya janye wani ɓangare. Na biyu karen akawun, nan ne duk shige da ficen shekara ke faruwa. Abinda kasuwa zata baka yana hannun dama, kiredit, abinda ka ɗauka ko ake binka yana hannun hagu, debit.

Yaya a dama yana da 150,000 da 810,000, 960,000 kenan. A hagu 400,000 da ya cira da 30,000. Saura 530,000. Ƙani a dama 100,000 da albashi 240,000 da rabon riba 540,000, sun kama 880,000, a hagu 200,000 da 10,000, saura 670,000. Ku duba abin nan, ƙani mai ƙaramin jari da ƙaramin kaso shi ya ƙare da balas mafi yawa, saboda yana da albashi kuma bai kwasa da yawa ba. Anan mun ɗauka bai karɓi albashin a hannu ba fa, in duk wata yana zarar 20,000 ɗinsa daga aljihun tebur to dole 240,000 ta fito a hagu ma, balas ɗinsa ya sauko 430,000, in ba haka ba an biya shi sau biyu.

Ga yadda zaka gane ko ka yi daidai ba tare da ka tambayi kowa ba. Ka haɗa balas ɗin biyu, 530,000 da 670,000, 1,200,000. Sai ka ɗauki ribar asali 1,800,000 ka cire dirowins 600,000, 1,200,000. Sun haɗu. In a farkon shekara akwai tsohon balas sai ka sa shi a lissafin. In basu haɗu ba ka duba bambancin, in 40,000 ne to ka sa kuɗin ruwan a waje ɗaya ka manta ɗayan, in 80,000 ne to cirewa kayi daga riba maimakon ƙarawa. Amma wannan gwajin ba zai kama maka kuskuren watanni ba, ko ka caji 40,000 da 20,000 jimlar zata haɗu, rabon ne kawai zai karkace, shi yasa ranakun sai ka sake dubawa da idonka.

Akwai kuma masu asusu ɗaya, jari mai hawa da sauka, komai a zuba cikin kafital akawun. A namu misalin yaya zai rufe da 3,530,000 ƙani 2,670,000. Lissafin ɗaya ne, sai dai ni na fi son a raba biyu, dan in an cakuɗa bayan shekara uku ba wanda zai iya nuna maka asalin abinda ya zuba, kuma kashi 5 na baɗi akan wane adadi za'a lissafa, sabuwar gardama kenan. Ga kuma wani amfani, in karen akawun ɗin mutum ya koma debit nan take ka san ya ci fiye da rabonsa, ya fara cin jari.

Abu biyu da ke yawan faɗuwa ta baya. Turmin atamfa da aka ɗauka aka kai gida shi ma dirowins ne, a rubuta shi a farashin sari a rage daga kayan da aka saro. Sannan in yaya ya ranta wa shago kuɗi daban da jarinsa, wannan bashi ne, asusunsa daban, kuma in akwai ruwa akansa cikin kashe-kashen kasuwa yake fita tun kafin a kai ga 1,800,000, baya shiga shafin rabo.

In kuma ba'a rubuta komai ba kuma ba wata yarjejeniya ta baki da za'a iya tabbatarwa? Littattafan akawuntin suna komawa dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, sashe na 24: riba a raba daidai wa daida, ba albashi, ba ruwa akan jari, bashin da abokin haɗin gwiwa ya bayar ne kawai ke da kashi 5 cikin ɗari, dirowins kuma ba'a cajin komai akai. A shagonmu hakan na nufin 900,000 kowa, duk da yaya ya fi zuba miliyan guda, kuma ƙani da ya shekara yana buɗe shago ba ko sisi na zamansa. Da yarjejeniya yaya ya tashi da 930,000 ƙani 870,000 kafin a cire dirowins, ku gwada sauya kason zuwa 2:1 ku sake bin lissafin daga 1,350,000 kuga inda balas ɗin kowa zai tsaya.