Kogon Haƙori: Wanne Ne Ciko Ya Ishe Shi, Wanne Ne Sai An Cire Jijiya?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, barkanmu da haɗuwa. Mutum biyu kan zo asibiti da rami a haƙori, girman ramin kusan ɗaya a ido, a yi wa wannan ciko cikin rabin awa, a ce wa wancan sai an buɗe haƙorin an cire jijiya an wanke saiwa, aikin da likitoci ke kira rut kanal. Na biyun yakan ɗauka an tsananta masa. A gaskiya faɗin rami ba shi likita yake aunawa ba, abin da yake son sani shi ne halin da jijiyar haƙorin take ciki.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje mai tauri, wanda ba ya jin zafi ko kaɗan. Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai ɗan rawaya-rawaya, cike da ƙananan ƙofofi da ke isar da sanyi da zaƙi zuwa ciki. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, waɗanda suke shigowa ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Ku riƙe wannan da kyau: ɗakin kewaye yake da bango mai tauri. Idan ƙwayoyin cuta suka kai gare shi jijiya ta kumbura, ba ta da inda za ta faɗaɗa, jinin da ke ciyar da ita ya ragu, a hankali ta mutu.

Mu ɗauki haƙorin tauna na ƙasa da ya yi kogo. Da fari mai shi yana kurɓar ruwan sanyi sai ya ji tsam, amma da ya haɗiye, cikin sakan kaɗan zafin ya wuce. Ba ya hana shi barci, ba ya tasowa haka kawai. A nan jijiya ta ji jiki ne kawai, kuma tana iya farfaɗowa. Likita zai kankare ruɓaɓɓen wurin, ya tsaftace, ya cike. Shi ke nan.

To, a ce ya yi sakaci har watanni suka shuɗe. Yanzu ruwan sanyi ya wuce amma zogin ya tsaya, ya haura sakan 30, wani lokaci har mintuna. Yana tasowa ba tare da an ci ko an sha komai ba, ya fi tsanani da dare idan an kwanta, abu mai zafi yana ƙara rura shi, har ya kan bugi kunne mutum ya kasa nuna haƙorin da ke ciwo. Wannan jijiyar ba za ta warke ba. Wanda ya matsa a yi masa ciko a wannan hali ya rufe ƙwayoyin cuta ne a ciki, kuma ciwon zai dawo, sau da yawa fiye da na da.

Matakin da ya fi ba ni tsoro shi ne na gaba: rana ɗaya ciwon ya ɗauke, mutum ya ce ya samu sauƙi. Galibi jijiyar ce ta mutu. Cutar kuwa tana nan, ta gangara ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Daga baya haƙorin ya riƙa zafi wajen tauna, a ji kamar ya fi sauran tsayi, ko ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana tsiyayar mugunya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai gama da ita ba, domin babu jinin da zai kai shi cikin mataccen ɗakin.

Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da ido kaɗai. Zai ɗora auduga mai tsananin sanyi a haƙorin ya lura da tsawon zafin, ya gwada da na kusa da shi. Zai ɗan ƙwanƙwasa shi. Zai ɗauki hoton haƙorin ya ga kusancin kogon da jijiya, da ko akwai baƙin tabo a ƙarshen saiwa. Duk da haka, idan kogo ya yi zurfi sosai, wani lokaci sai an fara kankarewa ake tabbatarwa, don haka kada ku yi mamaki in an sauya shawara ana cikin aiki.

Shi aikin cire jijiyar, allurar kashe zafi ake fara yi, a killace haƙorin da 'yar roba don kada yawu ya shiga. Sai a buɗe ɗakin, a auna tsawon kowace hanya ta saiwa. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, na tauna kuwa uku ko huɗu, kuma in aka bar ɗaya ba a gano ba, aikin kan lalace. Ana wanke su da siraran ƙarafa da ruwan magani, a busar, a toshe su tsaf. Zama ɗaya ko biyu yakan isa. Haƙorin tauna yana bukatar a sa masa hula, wato murfin da ke lulluɓe shi, bayan nan, domin ya rasa kaso mai yawa na jikinsa kuma yana iya tsagewa.

Idan kuma fuska ta kumbura tare da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, kada a jira ranar da aka ba ku, a tafi asibiti nan take.