Amsoshin Tambayoyinku: Kumburin Babban Ɗan Yatsan Ƙafa Cikin Dare

Wasiƙar wani mai sauraronmu daga Funtuwa ce, yana cewa: "Kwana uku bayan Babbar Sallah na kwanta lafiya ƙalau, wajen ƙarfe biyu na dare raɗaɗi ya tashe ni. Babban ɗan yatsan ƙafata ya kumbura ya yi jajir, ko mayafi ba na son ya taɓa shi, kuma ban yi tuntuɓe ba. Shekarata 52, ina shan maganin hawan jini. Me ya same ni?"

To, Malam, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Wannan ya yi kama sosai da ciwon da likitoci ke kira gawut, wanda mutanenmu kan haɗa shi da sanyin ƙashi.

Asalinsa wani sinadari ne a jini, yurik asid. Jiki da kansa yake samar da mafi yawansa, abinci ya ƙara nasa, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, sai ya fara daskarewa a gaɓa, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura. Sukan yi shekaru a kwance shiru. Ranar da sojojin jini suka far musu, ranar ce gaɓar za ta kama wuta. Sanyi na taimaka wa daskarewar, yatsan ƙafa kuwa yana cikin wuraren da suka fi sanyi a jiki, balle da dare, ga shi mai barci ba ya shan ruwa.

A wajenka abu biyu nake zargi. Naman layya na nan, musamman kayan ciki irin su hanta da ƙoda, ga lemon kwalba mai zaƙi da ake korawa da shi. Amma wanda aka fi mantawa shi ne maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, domin yana rage yadda ƙoda ke fitar da sinadarin. Don Allah kada ka daina sha da kanka. Ɗauki kwalin ka nuna wa likitanka, akwai wasu da zai iya sauya maka. Giya da ƙishirwa mai tsanani su ma suna tayar da shi.

Raɗaɗin kan kai ƙololuwa cikin kwana guda, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma yakan dawo. Gwajin jini lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa na iya nuna komai daidai, sai a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawarsa. Kafin nan, ɗaga ƙafar, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ka sha ruwa sosai. Kada ka yi ta haɗiyar maganin ciwon jiki na kyamis ba a duba ƙodarka ba.

Idan kuwa da zazzaɓi ko rawar ɗari, ko kana da ciwon suga, yau ɗin nan ka tafi asibiti, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana zuwa da irin wannan kama, kuma tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki.