Lacca: Harajin ribar hannun jari da yadda za ka rubuta ta

Assalamu alaikum jama'a, mu shiga maganar kai tsaye. Kuɗin da ka ga sun faɗo a asusunka ranar da kamfani ya raba riba, galibi ba su ne ainihin ribarka ba, an riga an yanke haraji tun a can kafin su iso hannunka. Masu ƙaramin jari da yawa alat ɗin banki kawai suke dubawa su rubuta, kuma daga nan lissafi yake fara karkacewa.

Bari in ba ku misali. A ce kana da hannun jari 2,000, kamfani ya ce zai biya 5 a kan kowane ɗaya, ribarka kenan 10,000. A ce doka ta ce a cire kashi 10 cikin ɗari, to za su riƙe 1,000 su miƙa wa hukumar haraji da sunanka, kai kuma ka ga 9,000. Adadi uku kenan, kuma ukun nan duka nake so ku rubuta, kowanne a gurbinsa: ribar asali, abin da aka cire, abin da ya shigo. Sai ka ƙara sunan kamfanin da yawan hannun jarinka da ranar biya.

Me ya sa nake nacewa a kan 1,000 ɗin nan? Saboda ƙasashe sun bambanta. A wasu, abin da aka cire shi ke nan an gama, babu wani ƙari. A wasu kuma kafin alƙalami ne kawai, ƙarshen shekara sai ka bayyana 10,000 ɗin gaba ɗaya cikin kuɗin shigarka a lissafa harajinka sannan a rage maka 1,000 da ka riga ka biya, to in ba ka da takardar shaidar cirewar fa da me za ka kare kanka? Don haka takardar rabon ribar da dillali ko rajistara, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfanin, ya turo, ku adana ta don Allah, ita ce hujja ba alat ba.

In kamfanin na wata ƙasa ne abin ya fi nauyi. Amurka tana cire wa baƙo kashi 30, sai dai in akwai yarjejeniyar haraji da ƙasarsa kuma ya cike fom ɗin W-8BEN, wato takardar harajin Amurka da ke nuna ƙasar da yake zaune. Raba abin da aka cire da ribar asali za ka ga kashin da aka yanka maka, ka kuma rubuta farashin canji na ranar.

Wani ya tambaya ɗazu, in ban karɓi kuɗin ba aka sake sayo min hannun jari da su fa? A yawancin ƙasashe har yanzu riba ce, haraji ya hau ta. Rubuta ta sau biyu, nan a matsayin riba, can a matsayin kuɗin sayen sabon hannun jari, domin ranar da za ka sayar wannan farashin ake cirewa kafin a lissafa abin da ka ci.