Kafin ka tura DXF injin leza: share maimaitattun layuka, rufe zane, ka bar wa wuta rabonta

Assalamu alaikum. Abin da kuke gani a allo gefe ɗaya ne na ƙaramin akwati da za a yanka a katakon filawud mai kaurin milimita 3. Tsawonsa milimita 100, faɗinsa 60, bakunansa na da haƙora masu shiga cikin juna, kowane haƙori milimita 10, sannan a tsakiya akwai rami mai faɗin milimita 8 na makunni. A ido zanen ba shi da aibi. Amma da za mu tura shi injin a haka, wani gefe zai ƙone ya yi baƙi, wata kusurwa ta ƙi rabuwa da katakon, haƙoran kuma su yi ta rawa idan an haɗa akwatin. Za mu gyara ukun, kuma jerin da za mu bi yana da dalili.

Ku fara riƙe wannan. Fayil ɗin DXF, wanda kamfanin Autodesk ya fito da shi tare da manhajar zane ta AutoCAD a 1982, jerin layuka ne, miƙaƙƙu da lanƙwasassu, da da'irori, kowanne da inda ya fara da inda ya ƙare. Injin bai san akwati ba. Abin da aka rubuta masa yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Idan layi ya zo sau biyu, sau biyu zai bi shi. Idan layuka ba su haɗu sun zagaye ba, ba shi da hanyar sanin ina ne ciki, ina ne waje.

Kafin komai, auna gefe guda. Idan ya kamata ya zama 100 sai ka ga 2540, ko ka ga kusan 3.94, an rikita inci da milimita, wato ninkin 25.4. Gyara wannan tukuna, in ba haka ba duk lambar da za mu sa nan gaba ba za ta yi ma'ana ba.

To, maimaitattun layuka. Na zaɓi wannan gefe na sama, na goge shi, ga shi kuma yana nan. Akwai wani a ƙarƙashinsa. Yawanci hakan na faruwa ne idan an ciro zanen daga siffa mai kauri, sai bakin sama da na ƙasa su sauka wuri guda, ko an kwafa an manna a inda yake, ko an jera guntaye biyu kafaɗa da kafaɗa don tsimin katako, kowanne da nasa layin a kan iyaka ɗaya. A kan katako alamar ba ta ɓuya: wannan gefen ya fi sauran baƙi, yankan ya fi faɗi, wani lokaci har harshen wuta ya tashi a zagaye na biyu, domin hasken yana bin ramin da ya riga ya buɗe yana gasa bangonsa. Kuma idan da minti ake cajin ka, ka biya kuɗin yanka biyu.

A AutoCAD ka zaɓi komai, ka rubuta `OVERKILL`. A akwatin da zai buɗe ka tabbata an zaɓi `Combine co-linear objects that partially overlap`, domin ba kullum layukan ke zama tagwaye ba. Sau da yawa gajere ne kwance a kan dogo. Akwai kuma inda za ka ce ya yi watsi da launi ko leya, wato rukunin da aka ajiye layi a ciki, wajen kwatantawa. A nan a yi hattara: idan kana da layin zanen ado a leya ɗaya da layin yanka a wata, kuma sun hau juna da gangan, watsi da leya zai cinye ɗaya daga ciki. A LightBurn kuwa, manhajar sarrafa injin leza, akwai `Delete Duplicates` a ƙarƙashin `Edit`, sai dai shi siffofin da suka yi daidai da juna yake kamawa. Iyakar da guntaye biyu suka yi tarayya a kai, `Remove overlapping lines` ne ke kula da ita, a cikin `Optimization Settings`.

Akwai wani iri da waɗannan ba sa gani, kuma masu aiki da CorelDRAW sun fi cin karo da shi. Idan aka mayar da layi mai kauri ya zama siffa, sai ya koma layi biyu kusa da kusa, ɗaya a kowane gefen kaurin. Ba a kan juna suke ba, don haka manhaja tana ganin kowanne halas ne. Sai ka zuƙo sosai ka gani, ka goge ɗaya da hannu. Wanda ya fi shi ne tun farko ka bar layin yanka a mafi siririn kauri.

Me ya sa muka fara da wannan? Domin idan ka ce a haɗa layuka alhali akwai maimaici, a kusurwa ɗaya bakuna uku ne za su haɗu maimakon biyu. Manhaja na iya kama wanda bai dace ba, ta koma ta inda ta fito, ka samu zanen da ya naɗe a kan kansa.

Yanzu rufewa. Na danna bakin zanen, sai guntu ɗaya kawai ya haskaka. Gefen nan layuka ne barkatai da ke taɓa juna a ido. Ga yadda ake haɗa su a AutoCAD:

```
PEDIT
M
(zaɓi layukan, Enter)
Y
J
0.05
```

Lambar ƙarshe ita ce `fuzz distance`, wato girman giɓin da ka yarda manhaja ta cike. Na sa 0.05 da gangan. Kada ka ga bai haɗu ba ka ɗaga ta zuwa 1 ko 2, domin a zane mai ƙananan haƙora za ta fara haɗa bakunan da ba su da alaƙa. Na sake dannawa, duk zagayen ya haskaka, amma a `Properties` wajen `Closed` an rubuta `No`. Bari mu zuƙo wannan kusurwa ta hagu. Ga shi, giɓin milimita 0.3, ya fi ƙarfin abin da na yarda a cike. Da an yanka a haka, ɗan wannan zaren katako ne zai riƙe guntun, ka fizga, fatar filawud ta yage.

Za ka iya mayar da `Closed` ya koma `Yes`, amma ka duba giɓin tukuna. Rufewa layi miƙaƙƙe take ja daga ƙarshe zuwa farko, ko ina suke. A nan kusurwa ce, don haka zai bar mana ɗan karkataccen baki. Gara ka yi `FILLET` da radiyos 0, layukan biyu su miƙe su haɗu a kusurwa ta gaskiya. A LightBurn `Select Open Shapes` zai nuna maka duk waɗanda ba su rufu ba, `Auto-Join Selected Shapes` ya haɗa na kusa. Ni dai ban yarda da fayil ba sai na ƙirga: wannan gefen ya kamata ya zama abu biyu kacal, zagayen waje da da'irar rami. Idan na zaɓi komai na ga 3, akwai ɓoyayyen guntu a wani wuri.

Amfanin rufewa ya wuce guntu ya faɗo. Da rufaffen zane ne manhaja ke gane cewa ramin yana cikin zagayen, sai ta fara yanka ramin. Idan aka fara da waje, guntun zai iya sauka ko ya karkata, ramin ya fito a goce. Kuma mataki na uku gaba ɗaya a kan wannan ya dogara.

Kamar yadda zarto ke mayar da wani kaso na katako gari, haka hasken leza ke ƙone wata siririyar hanya. Tsakiyar hasken ce ke bin layinka, don haka rabin abin da ya ci daga guntunka ne, rabi daga abin da za a zubar. Faɗin hanyar ba lamba ɗaya ba ce. Yana canzawa da irin katako, da kauri, da gilashin da ke tattara hasken, da ƙarfin wuta da gudu. A filawud na milimita 3 a injin CO2 yawanci yana tsakanin 0.1 da 0.3, amma wannan tazara ta yi yawa ga haƙora. Dole a auna, a injin da zai yi aikin, da saitin da zai yi aikin.

Ka zana murabba'i mai tsawon milimita 100, ka raba shi gida 10 da layuka. Ka yanka, ka tura guntayen su matse da juna, ka auna tsawonsu gaba ɗaya da ma'aunin baniya, mai baki biyun nan. A misalinmu mun samu 98.2. An rasa 1.8, a raba 10, kowane yanka ya ci 0.18. Guntu ɗaya ma zai ba ka amsa, amma goma suna raba kuskuren hannunka gida goma.

Mu kai wannan kan haƙoran. Haƙori na milimita 10 zai rasa 0.09 ta kowane gefe, ya fito 9.82. Gurbin da zai shiga kuwa ƙaruwa yake yi, ya zama 10.18. Tsakaninsu 0.36 ke nan, ninki biyu na abin da wuta ta ci, kuma shi ya sa akwatin ke rawa duk da lambar ta yi kama da ba komai ba.

Gyaran shi ne a matsar da layi da rabi, 0.09, zuwa ɓangaren da za a zubar. Ka yi `OFFSET` na zagayen waje zuwa waje. Yanzu haƙori a zane 10.18 ne, gurbi 9.82, bayan yanka duka biyun su dawo 10. Ramin makunni kuwa ciki ake matsar da shi, ya zama 7.82 a zane. Sannan ka goge layin asali, ko ka kai shi leyar da ba za ta fita ba. In ka manta, da hannunka ka dawo da matsalar layi biyu.

Ra'ayina, idan injin naka ne, kada ka taɓa zanen. Ka bar shi a ma'auninsa na gaskiya, ka sa 0.09 a `Kerf Offset` na LightBurn, domin gobe in ka canza katako lamba ɗaya za ka sauya. Wannan saitin a rufaffen zane kawai yake aiki, tunda da shi yake sanin ina ne waje. Idan kuma shago za ka kai, ka tambayi mai injin ko manhajarsa na yin wannan gyara. Kai ka yi, shi ma ya yi, haƙori ya fito 10.18, gurbi 9.82, ko da guduma ba za su shiga ba.

Abu biyu gyaran nan ba ya magancewa. Yankan ba miƙe yake sak ba, yakan fi faɗi ta sama, don haka haƙoran za su ɗan fi matsewa ta fuska ɗaya. Na biyu, filawud da ake kira milimita 3 sau da yawa bai cika 3 ba. Auna naka. Idan 2.8 ne, zurfin haƙoran da duk gurbin da kaurin katako zai shiga, da 2.8 za ka zana su.

Sai fitarwa. Ka ajiye a tsohon tsari kamar `AutoCAD 2000 DXF`, wanda yawancin manhajojin inji ke karantawa, ka buɗe fayil ɗin da ka fitar a manhajar injin, ka sake auna gefen nan na 100, ka sake ƙirga abubuwa. Daga nan ka yanka kusurwa ɗaya kawai, haƙora biyu da gurabensu, a ragowar katakon. Idan sun shiga da matsin babban yatsa, tura sauran. Idan sun yi tsauri, rage 0.09 ɗin nan zuwa 0.07 ka sake gwada kusurwar.